Gumi ko Ɗanya? Abin Dubawa Kafin a Auni Shinkafa

Yawancin mutanen Zabi da Samaru idan suka shiga kasuwar Sabon Gari sayen shinkafa, tambayarsu ta farko ita ce, "'Yar gida ce ko 'yar waje?" Tambayar tana da amfani ga aljihu, amma ba ta faɗa wa uwargida yadda shinkafar za ta kasance a tukunya. Abin da ke sa wata ta fito wara-wara, wata kuma ta caɓe, shi ne irin aikin da aka yi wa ƙwayar bayan girbi, sannan irin da aka shuka, da kuma daɗewar da ta yi a ajiye.

Shinkafar da ke cikin ɓawonta, wato shanshera, hanya biyu take bi kafin ta iso faranti. Ko dai a shanya ta a kai inji kai tsaye, a sami ɗanyar shinkafa fara fat, wadda muke kira ta tuwo. Ko kuma a yi guminta: a jiƙa ta da ɓawonta, a turara, a shanya, sannan a cashe. Turarin nan yana dafa sitacin da ke cikin ƙwayar, idan ta bushe sai ta yi tauri, ta yi ɗan ruwan zuma, ta riƙa ɗaukar haske. Shi ya sa gumi ba ya yawan karyewa a inji, yana jure wuta da juyi, kuma ƙwayoyinsa ba sa manne wa juna. Akwai ƙarin riba guda: wani ɓangare na sinadaran bitamin B da ke cikin dusa yana shigewa cikin ƙwayar lokacin jiƙo da turari, maimakon ya bi ɓuntu a zubar.

To a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Mafi yawan abin da muke kira 'yar gwamnati, wadda ake kawowa daga Tailan da Indiya, gumi ce ita ma. Ba wani tsatso ne na daban ba. Doguwar ƙwaya ce da aka turara a masana'anta, aka cire tsakuwa da baƙaƙen ƙwayoyi da na'ura, aka goge, kuma ta daɗe a rumbu da kan teku kafin ta iso. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, gidaje da yawa suka koma ta gida ala tilas, suka kuma gane cewa wadda ta fito daga babban inji ba ta da nisa da ta waje. Har wasu 'yan kasuwa kan zuba ta gida a buhun waje su ƙara kuɗi, don haka rubutun buhu ba shaida ba ne.

Bari mu ɗauki misalin gidan da za a yi suna. Ana son dafa-duka ta baƙi da rana, da waina ta safe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sayo buhu guda a ce ya isa komai. Dafa-duka gumi take so, doguwar ƙwaya, domin za ta zauna cikin mai da tumatir a babbar tukunya ana juyawa. Idan ɗanya aka zuba, kafin ta sama ta nuna ta ƙasa ta zama tuwo. Waina kuwa ɗanya take so. Ana jiƙa ta, a markaɗa, a bar ƙullun ya tashi, kuma sitacin da bai taɓa ganin wuta ba shi ne ke ba da ƙullu fari mai laushi. Idan aka markaɗa gumi, ƙullun kan fito da tsaki-tsaki, wainar ta yi nauyi ta yi duhu. Haka sinasir, haka tuwo: gumi ba ya tuƙuwa da daɗi, sai a sha wahalar muciya tuwon ya ƙi haɗe kansa. Kuma tun da markaɗawa ko tuƙawa za a yi, karyayyar ɗanya mai arha ta wadatar. Biyan kuɗin cikakkiyar ƙwaya don waina asara ce kawai.

Bayan aiki sai iri. Sitacin shinkafa kashi biyu ne, ɗaya mai sa ta tsaya a warware, ɗaya mai sa danƙo, kuma kowane iri da rabonsa. Irin da manoman fadama da na rani suka fi shukawa a Arewa shi ne FARO 44, wanda ake kira Sipi, doguwar ƙwaya mai tsayuwa a tukunya, shi ya sa manyan injuna ke nemansa. Basmati ta Indiya da Pakistan siririya ce mai ƙamshi, tana ƙara tsawo idan ta dahu, amma ba ta son ruwa da yawa: a jiƙa ta kamar rabin awa, a dafa da ruwa kofi ɗaya da rabi a kan kowane kofi, a kuma bar ludayi ya huta. Wanda ya zuba mata ruwan da ya saba zuba wa gumi, wato kofi biyu zuwa biyu da rabi, ya yi asarar kuɗinsa, don tsadarta ba wasa ba ce.

Daɗewa ma tana da tata rawar. Sabuwar shinkafa, wadda ke cika kasuwa bayan girbin kaka, tana da ɗanɗano mai daɗi amma tana saurin laushi, ba ta kuma da auki sosai. Tsohuwa ta fi shan ruwa, ta fi kumbura. Masu sayar da garau-garau sun san wannan sarai, domin a aukin ribarsu take.

Laifin da ake ɗora wa 'yar Hausa kusan duk na hannun mai gumi ne, kuma ana iya gane shi a tafin hannu. Ɗebo kaɗan ka shaƙa. Idan ka ji tsami, an bar ta kwanaki cikin ruwan sanyi har ta fara ruɓa, kuma wanki ba zai raba ta da warin gaba ɗaya ba. Ɗaga ƙwayar ka duba a haske: farin ɗigo a tsakiya yana nufin turarin bai ratsa ba, irin wannan za ta farfashe a tukunya. Idan ta yi ja sosai ko da baƙaƙe a ciki, wuta ta yi yawa, ko ta ƙasan tukunyar gumi ta dahu cikin ruwa. Tsakuwa kuwa daga wurin sussuka da shanya a ƙasa ko bakin titi take zuwa. Regaya tana maganinta, sai dai cin lokaci. Ciza ƙwaya guda: busasshiya za ta ce ƙas, mai danshi za ta lotse, kuma mai danshi ba ta ajiyuwa, fumfuna da ƙwari ne ƙarshenta.

Abin da na fi ƙi, a ganina ya fi tsakuwa muni, shi ne gauraye. Idan ka ga doguwa da gajera, fara da ja, duk a mudu ɗaya, an haɗa iri daban-daban ne, kowanne da lokacin nunarsa. Duk gwanintar mai girki, wata za ta caɓe wata tana da gari a ciki. Wannan ba shi da gyara a kicin.

Saboda haka, maigida, kafin ka biya kuɗin buhu, auno gwangwani ɗaya daga wurin mutum biyu ko uku. A dafa kowace dabam da ruwa gwangwani biyu, a wuta iri ɗaya, a ga wadda ta fi cika kwano, a kuma bar su su huce a sake ɗanɗanawa, domin wata tana daɗi da zafi amma ta ƙandare idan ta yi sanyi. Wadda ta ci jarrabawar, koma wurin mai ita ka tabbatar daga buhun nan ne za a auna maka.