Idan sabar kamfani ta ƙone yau, sa'o'i nawa za a ɗauka kafin aiki ya dawo?

Manhajar ERP tana haɗa lissafin kuɗi, kayan sito, bashin abokan ciniki da albashin ma'aikata a rumbun bayanai guda. Amfaninta ke nan, haɗarinta ma ke nan, domin ranar da rumbun ya lalace, komai tsayawa yake yi lokaci ɗaya. Shi ya sa ba a auna ingancin ajiyar kwafi da jin cewa “ana yi”. Lambobi biyu ne ma'auninsa.

Ta farko, wadda masana ke kira RPO, ita ce yawan aikin da za a iya jure asararsa. Ta biyu, wato RTO, ita ce tsawon lokacin da za a iya zama babu manhajar. Mai dukiya ne ke yanke su, ba ma'aikacin kwamfuta ba, domin shi ya san abin da rufe shago na wuni guda ke jawo masa.

A ɗauka wani dillalin taki da hatsi yana da babban ofishi a Bodinga da reshe a Shagari, rumbun bayanansa kuma ya kai gigabait 200. Kullum da ƙarfe goma na dare yake ɗaukar kwafi. Idan wuta ta kama ɗakin sabar da ƙarfe huɗu na yamma, duk abin da aka shigar cikin sa'o'i 18 ya tafi, har da rasiɗan cinikin wunin. Maganin wannan shi ne kundin sauye-sauyen da rumbun ke rubutawa da kansa a kan kowace shigarwa. In ana tura shi waje duk minti 15, asarar ba za ta wuce ta minti 15 ba.

Lamba ta biyu ce ta fi yaudarar mutane. A ce kwafin yana can a wata cibiyar ajiya ta intanet, layin ofishin kuma yana jan megabit 20 a daƙiƙa. Gigabait 200 daidai yake da megabit miliyan 1.6, saboda haka saukewa kaɗai za ta ci daƙiƙa 80,000, wato sama da sa'o'i 22, in layin bai yanke ba ke nan. Amma in akwai faifai da sabar ko-ta-kwana a reshen Shagari, kwashe wannan adadi a gudun megabait 100 a daƙiƙa bai kai minti 35 ba. A ƙara lokacin yanke shawara, da girka rumbun, da maimaita kundin sauye-sauye, da tantance lissafi, sai a ga alƙawarin sa'o'i huɗu mai yiwuwa ne. Da intanet kaɗai kuwa, alƙawarin baki ne kawai.

Sai dai sabar da ke kwaikwayon babbar nan take ba ajiya ba ce. In ma'aikaci ya goge lissafi bisa kuskure, ko masu kutse suka kulle bayanai don neman fansa, ita ma za ta kwafi ɓarnar. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ɗanɗana haka a watan Yunin 2017, lokacin harin NotPetya. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin shigar ma'aikata sun goge gaba ɗaya, sai guda ɗaya a Ghana da ɗauke wutar lantarki ya raba da layi. Rashin ƙarfin intanet ya sa aka ɗauki faifan a hannu, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Birtaniya. Darasin shi ne a riƙe aƙalla kwafi ɗaya da ba ya haɗe da komai.

Wani kuskuren shi ne kwafar fayilolin rumbun kai tsaye alhali ana aiki a kansa. Irin wannan kwafi kan ƙi buɗewa, ko ya buɗe da rasiɗi a ɓangaren ciniki amma babu takwaransa a lissafin kuɗi. Dole a yi amfani da hanyar ɗaukar kwafi ta rumbun kansa.

Gwaji ne kaɗai ke bayyana gaskiya. Duk wata uku, a dawo da kwafin a kan sabar Shagari, agogo a hannu. A duba lambar rasiɗin ƙarshe, a tabbatar ɓangarori biyu na lissafi sun daidaita, a gwada adadin buhunan da manhaja ta nuna da abin da ke cikin sito. A kuma tabbatar makullin buɗe kwafin ba a cikin sabar Bodinga kaɗai yake ba. In gwajin ya ci sa'o'i tara, to tara ce lambar gaskiya, ko da takardar kwangila ta ce huɗu.