Kwastoma ɗaya, layi biyu: laifin waye?

Lokacin da nake SIWES a wani shagon sari, oga ya ce in fitar masa da bashin kowane kwastoma. Na haɗa PivotTable a Excel, sai ga Aisha ta fito sau biyu: naira 40,000 a sama, 25,000 a ƙasa. Grand Total kuwa daidai yake, shi ya sa ban farga da wuri ba. Saura kaɗan mu nemi 40,000 a wajen mai bashin 65,000.

Ashe wanda ya shigar da sunan ne ya bar sarari a bayansa. Ido ba ya ganinsa, amma Excel na ƙirga shi kamar harafi. In kuna zargin haka, ku gwada `=LEN(A2)`. Aisha harafi 5 ne. In kun ga 6, kun kama ɓarawon.

Maganin shi ne ku buɗe sabon ginshiƙi ku rubuta:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
```

TRIM na share sararin gaba da baya, amma ba ya taɓa irin wanda ake kwafowa daga intanet, shi ya sa aka ƙara SUBSTITUTE. Ku ja shi ƙasa, ku kwafa, ku liƙa a kan tsofaffin sunayen da Paste Values, sannan ku danna Refresh.

Sai dai fa dabarar ba ta san Aisha da A'isha mutum ɗaya ba ne. Wannan sai kun bi da ido, kuma ku tambaya kafin ku haɗe su, don kar ku ɗora wa wata bashin wata. Mafi sauƙi, ku ba kowane kwastoma lamba tun farko.