Rubutun da Ke Cika Ajin Girki

Hoton girki yana tsayar da ido, amma rubutun da ke ƙarƙashinsa ne ke kawo ɗaliba. A Instagram layi biyu na farko kawai ake gani kafin sauran ya ɓuya, don haka kada a ɓata su da doguwar gaisuwa.

Sau da yawa za ka ga an rubuta: "Muna koyar da girki kala-kala, sai kun zo." Su zo ina? Yaushe? Kwatanta da wannan:

"Wainarki na kama tanda? Asabar ƙarfe 10 na safe za mu yi waina da miyan taushe, tun daga jiƙa shinkafa. Gurbi 12 ne. Turo WAINA ta WhatsApp kafin daren Alhamis."

An taɓo matsalar da mai girki ta sani, an faɗi rana, sannan aka nemi abu ɗaya tak. Idan aka ce ta kira, ta yaɗa, ta kuma biya, ba za ta yi ko ɗaya ba.

Kowane mako a canza abinci da kalmar turowa: ALKAKI, DAMBU, FUNKASO. Ƙirga saƙonnin zai nuna wanne ya ja mutane. Amma kada a ce gurbi ya kusa ƙarewa alhali aji fayau yake. Ɗalibai na gani, kuma suna faɗa wa juna.