Kafin a Zuba Dakin: Takardar da ke Tsare Ingancin Gini

A ranar 1 ga Nuwamba, 2021, wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutane fiye da 40 suka rasa rayukansu. Irin wannan masifa kan samo asali ne daga aikin da aka rufe ba a duba ba. Da zarar kankare ya daskare, babu idon da zai ƙara ganin rodin da ke cikinsa.

Shi ya sa ake rubuta tsarin kula da inganci tun kafin a haƙa harsashi. Takarda ce da mai gini da injiniya da ɗan kwangila suke sa wa hannu, tana amsa tambayoyi uku a kan kowane mataki: wane mizani za a bi, wa zai duba kuma yaushe, sannan da wane sharaɗi za a karɓi aikin ko a ƙi shi. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, hukumar SON tana tsara mizanin siminti da rodi da bulo, COREN kuma tana yi wa injiniyoyi rajista. Tsarin shi ne yake sauko da waɗannan ƙa'idoji zuwa filin aiki.

Mu ɗauki dakin na bene mai hawa ɗaya, wanda zanen injiniya ya ce a zuba shi da kankare mai daraja 25.

Dubawar farko tana zuwa ne kafin a kwaɓa ko buhu ɗaya. Injiniya zai hau kan katako da zane a hannunsa, ya auna kaurin rodi da tazarar da ke tsakaninsu, ya ga ko an ɗaga su a kan 'yan dunƙulen siminti da magina ke kira biskit. Ana son kimanin milimita 25 na kankare ya lulluɓe rodin, domin idan ya kwanta a kan katako, danshi zai riske shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. A nan tsarin yake cewa a dakata: ba a zuba komai sai injiniya ya sa hannu.

Ranar zubawa, babbar barazana ita ce ruwa. Leburori sukan ƙara shi don kwaɓin ya yi sauƙin ɗauka, alhali yawan ruwa yana raunana kankare. Ana gane haka da wani mazubin ƙarfe mai tsawon milimita 300. A cika shi kashi uku, a soki kowane kashi sau 25 da sandar ƙarfe, sannan a zare mazubin a auna yadda kwaɓin ya zauna. Idan tsarin ya yarda da milimita 50 zuwa 100, sai aka ga ya zube ya kai 180, an ƙi wannan kwaɓi ke nan, ba a hawa da shi sama.

A ranar ce kuma ake ɗibar samfuri daga ainihin kankaren da ake zubawa, a cika 'yan akwatuna masu milimita 150 ta kowane ɓangare. Washegari a kwance su, a jiƙa dunƙulen cikin ruwa, a kai ɗakin gwaji inda inji zai matse su har su fashe: wasu a kwana 7, wasu a kwana 28. Daraja 25 tana nufin dunƙule ya jure nauyin kusan tan 57 kafin ya fashe. A kwana 7 ana sa ran ya kai wajen kashi biyu cikin uku na wannan ƙarfi. Idan sakamakon farko ya nuna 11 a maimakon 16 ko 17, wannan gargaɗi ne: kada a cire tokaren da ke ƙarƙashin dakin, kada a ɗora bulo a kansa. Idan na kwana 28 ma ya gaza, sai a huda dakin a ciro gunduwa a gwada, injiniya ya yanke hukunci: a ƙarfafa shi ko a fasa a sake.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Dunƙulen da ya kwana cikin ruwa ba ya ba da labarin dakin da aka bari a rana. A zafin bazara ko iskar hunturu kankare yana bushewa kafin ya yi ƙarfi, saboda haka tsarin ya wajabta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ya kuma faɗi wanda zai yi da wanda zai shaida.

Abin da ke sa duk wannan ya yi aiki shi ne a ɗaure shi da biyan kuɗi. Mai gini ya rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin dakin ba zai cika ba sai an kawo takardar duba rodi mai sa hannun injiniya da sakamakon kwana 28. Ɗan kwangilar da ya san haka tun farko, shi da kansa zai tsaya a kan mai kwaɓi ya hana a ƙara ruwa.