Sigar Ɓoye-Aikau da Aikatau Ƙi-Karɓau na Ingilishi: Duba Daga Hausa da Larabcin Jidda

Tsakure

Maƙalar ta yi bayanin dalilin da ke sa mai koyon Ingilishi ya gina jimla irin *\*the accident was happened*, alhali aikatau ɗin ba ya shiga sigar ɓoye-aikau. An ɗauki Bahaushen Jidda a matsayin abin misali, domin yana tunkarar Ingilishi da nahawu biyu a kansa, na Hausa da na Larabci. An ƙirƙiri jimlolin misali ne domin bayani, kuma alamar tauraro na nuna jimlar da nahawu bai yarda da ita ba.

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun daɗe a Hijaz. Tun kafin zuwan jirgin sama mahajjata ke ratsa Chadi da Sudan a ƙasa su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 ta ƙara yawan waɗanda suka zauna a gabas. Daga cikin zuriyarsu akwai masu amsa nisbar Hausawi. Ɗan irin wannan gida yakan ji Hausa a tsakar gida, ya yi Larabcin Hijaz a unguwa, ya karanta nahawun fusha a makaranta, sannan ya tarar da Ingilishi na jiransa a jami'a ko wurin aiki. Idan ya zauna rubuta rahoto a kan ambaliyar da ta auka wa Jidda ranar 25 ga Nuwamba 2009, ko a kan saukar alhazai a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, ga irin jimlolin da ke iya fita daga alƙalaminsa:

(1) *\*The flood was happened in 2009.*
(2) *\*The pilgrims were arrived at dawn.*
(3) *\*It is seemed that the flight is late.*

Gyaran kowace ɗaya bai wuce cire kalma guda ba, sai dai a (3) aikatau ɗin ya koma *seems*. Abin da ya cancanci bincike shi ne dalilin da ya sa kuskuren ke zaɓar waɗannan aikatau ya ƙyale wasu.

2.0 Aikau na Suna, Karɓau na Ma'ana

Sigar ɓoye-aikau a Ingilishi tana da sharaɗi ɗaya: a samu karɓau da za a ɗaga zuwa gurbin aikau. Aikatau ƙi-karɓau ba shi da abin ɗagawa, don haka ƙofar a rufe take gare shi. Da a ce jahiltar wannan ƙa'ida ce kawai matsalar, da an riƙa ganin *\*he was laughed* da *\*she was danced* da yawa kamar yadda ake ganin (1) da (2). Ba haka abin yake ba. Kuskuren ya fi taruwa a kan aikatau masu nuna aukuwa, bayyana, ɓacewa da isowa.

Perlmutter (1978) ne ya fito da hasashen da ke bayyana wannan bambanci, Burzio (1986) kuma ya faɗaɗa shi. A ganinsu aikatau ƙi-karɓau iri biyu ne. A *yaro ya yi dariya* yaron ne mai yi. A *tulu ya faɗi* tulun bai yi komai ba, abu ne ya same shi. Yana zaune a gurbin aikau, amma matsayinsa na ma'ana irin na karɓau ne. Zobl (1989) ya nuna cewa mai koyon Ingilishi yakan hango wannan kamanci, sai ya ɗora wa aikatau ɗin alamar da ya san ana ɗora wa duk jimlar da karɓau ya hau gaba. Oshita (2000) ya tarar da kuskuren a rubuce-rubucen masu jin Italiyanci, Sifaniyanci, Japananci da Koriyanci. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai son ɗora laifin kacokan a kan harshen uwa. Harshen uwa ba shi ya haifi kuskuren ba; amma yana iya ba shi gindin zama, kuma Hausa tana yin haka ta hanyoyi biyu mabambanta.

3.0 Hanya ta Farko: Giredi na Bakwai

A tsarin giredin aikatau na Parsons (1960), giredi na bakwai shi ne mai ƙarewa da wasalin -u, da karin sauti ƙasa-sama: *gyaru, dafu, ɗauru, karantu*. Jaggar (1988) ya bayyana su a matsayin aikatau masu aikau abin shafa. A *mota ta gyaru* motar ce aka yi wa aikin, kuma akwai ma'anar cewa gyaran ya yi kyau. A *ba ta gyaruwa* ma'anar ta koma ta yiwuwa. Wannan ita ce sigar da ta fi kusa da ɓoye-aikau a ƙirar kalmar Hausa.

To, a wane giredi Hausa ta ajiye aikatau na aukuwa? A nan ta ajiye su: *faru* daga *fara*, *auku* daga *auka*, *yiwu* daga *yi*. Bahaushen da ya ce *ambaliya ta auku* ya yi amfani da ƙirar da yake amfani da ita a *nama ya dafu*, ba tare da wani bambanci na sauti ba. Idan malami ya nuna masa cewa *dafu* na neman *was cooked*, babu abin da zai hana shi auna *auku* da ma'auni ɗaya ya samu (1). Kiyasinsa ingantacce ne a cikin Hausa. Abin da ya ɓace masa shi ne *happen* ba shi da ɗan'uwa so-karɓau da aka ciro shi daga gare shi, kamar yadda *faru* ke da *fara*.

Larabcin Hijaz yana da ƙira mai kama da wannan, wato ɗafa-goshin in-, kamar a *inkasar*, ya karye, da *inkatab*, an rubuta shi. Sigar ɗaya tana ɗaukar abin da ya faru da kansa da abin da wani ya yi. Amma aikatau na aukuwa a karin, *sar* da *hasal*, ba sa ɗauke da wannan ɗafi. A wannan gaɓa, ke nan, Hausa ce ta fi Larabci jan ɗalibin zuwa ga kuskure.

4.0 Hanya ta Biyu: Lamirin *an*

Jimla ta (2) ba ta da alaƙa da giredi na bakwai, domin *isa* na giredi na uku ne, *iso* kuma na shida. Tushenta yana wani wuri, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga malami.

An saba fassara ɓoye-aikau na Ingilishi da lamirin *an* ko *aka*: *the car was repaired*, *an gyara mota*. Fassarar daidai ce ta fuskar ma'ana, amma ginin jimlolin biyu ba ɗaya ba ne. A Hausa *mota* tana nan a gurbinta na karɓau, shi ya sa ake cewa *an gyara ta*. *An* kuwa aikau ne, mutum ko mutane da ba a ambata ba. Tun da jimlar ba ta ɗaga komai ba, ba ta bukatar karɓau, don haka *an zo*, *an tafi*, *an iso* duk Hausa ce tsantsa. Iyakarta kawai a samu ɗan Adam a bayan aikin, wanda ya sa ba a cewa *\*an faru*. A dubi waɗannan biyu:

(4) An gyara mota.
(5) An iso Jidda.

A ido tagwaye ne: lamiri, aikatau, suna. Wanda aka koya wa cewa *an* daidai yake da *was* ko *were* zai bi da (5) yadda ya bi da (4). Tambaya ce ke raba su. Ta (4) ita ce *me aka gyara?*, ta (5) kuwa *ina aka iso?* Jidda wuri ce, ba karɓau ba. Hausa ce ba ta bukatar harafi tsakanin aikatau na motsi da sunan wuri.

Nahawun fusha yana ƙara wa wannan ƙarfi. Duk wanda ya karanta babin *na'ibul fa'ili* ya san cewa ana gina fi'ili lazimi ga majahuli idan jarri da majruri, ko zarafi, ko masdari ya tsaya a madadin fa'ili, kamar a *zuhiba bihi* da *julisa fid dari*. Ɗalibin Jidda, ashe, yana da harsuna biyu da suka halatta masa ɓoye mai yin aiki ko da babu karɓau, ga kuma na uku da ya hana.

Idan aka bi (2) daki-daki, mataki na farko shi ne a tambayi marubucin abin da yake nufi da Hausa. In *alhazai sun iso da asuba* yake nufi, babu wani ɓoyayyen aikau, jimlar ita ce *the pilgrims arrived at dawn*. In kuwa *an iso da alhazai* yake nufi, wato wani ya kawo su, to hankalinsa bai yi kuskure ba da ya nemi ɓoye-aikau. Aikatau ɗin ne bai dace ba. Hausa na mayar da *iso* mai ɗaukar abu ta ƙara *da*, Larabci na juya *wasala* zuwa *ausala*, amma *arrive* ba ya juyuwa, sai an sauya shi: *the pilgrims were brought at dawn*. Wannan ya zo daidai da binciken Ju (2000) a kan Sinawa masu koyon Ingilishi, inda kuskuren ya ƙaru a duk lokacin da mahallin zance ya sa aka iya hango wani mai haddasawa. Alhaji kuwa ba ya kawo kansa Jidda. Jirgi da hukuma na tsaye a zuciyar mai rubutu.

5.0 Batun *seem* da Iyakar Ƙa'idar

Jimla ta (3) gajeren bayani take bukata. Hausa ba ta da aikatau guda da ke tsaye a nan, sai *da alama* ko *kamar*, kuma *yabdu* na Larabci ba majahuli ba ne. Mafi kusa shi ne kwaikwayon *it is said* da *it is believed*, masu daidai da *an ce* da *an yi imani*. Waɗannan suna da mai faɗa da mai gaskatawa a ɓoye. *Seem* ba shi da kowa.

Akwai wurare biyu da malami mai gaggawa zai iya yin ɓarna. Na farko, idan ya kafa doka cewa *arrive* ba ya taɓa zuwa bayan *was*, ɗalibi zai ci karo da *a decision was arrived at*, wadda ingantacciya ce, domin a nan aikatau da harafinsa sun haɗu sun ba da ma'anar cim ma matsaya, kuma akwai masu cim matan. Na biyu, akwai aikatau masu fuska biyu, irin su *break*, *open* da *sink*. *The door opened* da *the door was opened* duka daidai ne, kamar *ƙofa ta buɗe* da *an buɗe ƙofa*. Ɗalibin da aka tsorata da jan biro a kan (1) yakan koma yana gudun ɗaya daga cikinsu, ko ya ɗauka ta farkon ce kuskure tun da ƙofa ba ta buɗe kanta. Jerin kalmomin haddacewa ba ya raba waɗannan da *happen*. Abin da ke raba su shi ne a gwada sanya suna kai tsaye bayan aikatau ɗin tare da aikau mai yi: *someone opened the door* ta zauna, *\*someone happened the flood* da *\*someone arrived the pilgrims* ba su zauna ba. Gwajin yana da ƙarfi ta fuska ɗaya kawai. Wanda ya faɗi ba ya shiga ɓoye-aikau, amma ba duk wanda ya tsallake ne ke shiga ba, domin *resemble* yana ɗaukar suna a bayansa, duk da haka ba a cewa *\*the father is resembled by the boy*.