Me ya sa ɗan wasanka ke makara a gem?

Masu buga gem ɗin ƙwallo sun san wannan takaicin: ka danna maɓallin fasin, ɗan wasan ya yi jim kafin ya saki ƙwallo, abokin karawa ya ƙwace. Sai a ɗora wa abin hannu laifi, alhali sau da yawa talabijin ce ke riƙe hoton.

Na'ura irin su PlayStation kan aiko da hoto 60 a kowane sakan, wato hoto ɗaya duk bayan kusan milisakan 17. Talabijin ta zamani ba ta nuna shi da zarar ya iso, sai ta yi masa kwalliya tukuna. Mafi cin lokaci shi ne aikin sulɓanta motsi, wanda Samsung ke kira Auto Motion Plus, LG ta ce TruMotion, Sony kuma Motionflow. Talabijin kan ƙirƙiro hoton da babu shi ta cusa tsakanin hotuna biyu na gaskiya. To ba yadda za ta yi hakan sai ta ga na biyun, don haka dole ta ajiye na farkon ta jira. Ga kuma goge dishi-dishi da sauran gyare-gyare, kowanne da kasonsa. Idan aka tara, jinkirin kan kai milisakan 100, hotuna shida ke nan. Mai kallon fim ba ruwansa, tunda ba ya danna komai. Mai tsaron gida a bugun fenariti kuwa, kafin ya ga an buga, ƙwallo ta yi nisa.

Game Mode yana kashe sulɓantawar da gogewar, ya rage sauran sarrafawa, hoto ya bi gajeriyar hanya. A talabijin masu kyau jinkirin kan sauko wajen milisakan 10 zuwa 15. Wataƙila ka ga motsi ya rage santsi ko launi ya sauya. Launin dai kana iya gyara shi ba tare da jinkiri ya dawo ba. A ganina ba asara, don hoton gem tsaf yake zuwa, ba dishi-dishin da za a goge.

Ka neme shi a saitin hoto, amma ka lura talabijin da yawa na adana saiti daban ga kowace kafar HDMI. In ka sauya wa wayar kafa, sake dubawa. PS5 da Xbox Series X na iya umartar talabijin mai ALLM ta shiga da kanta. Da PS4 kuwa sai ka ɗauki rimot.

In kana son shaida, ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya, yatsanka da allo duk a ciki. A saurin hoto 240 a sakan, kowane hoto kusan milisakan 4 ne. Ƙirga daga dannawa zuwa motsi, kafin kunnawa da bayanta. Jimillar ta haɗa da jinkirin na'urar, don haka bambancin kawai za ka duba. In kuwa sai kana buga gem ta intanet abin ke makara, matsalar ta layi ce, Game Mode ba ya taɓa ta.