Idan Shafin Banki Ya Ƙi Buɗewa a Kwamfutocin Ofis Kaɗai

Saƙon imel da akawu ke aika wa sashen kula da kwamfuta idan shafin banki ya hana shi shiga, aikinsa shi ne nuna inda matsalar take: asusun ne, kwamfutar ce, ko layin intanet na ofis. Saƙon da ya tsaya a kan "shafin banki ba ya aiki" bai nuna ko ɗaya ba. Ga misalin wanda ya nuna:

"Assalamu alaikum, Injiniya. Tun ƙarfe 9:15 na safiyar yau nake neman shiga shafin banki don biyan albashi. Shafin yana buɗewa, amma da na sa suna da kalmar sirri sai ya nuna 403 Forbidden. Haka yake yi a kwamfutoci uku na ofishinmu. A wayata, da datata, na shiga lafiya, amma da na haɗa wayar da intanet ɗin ofis ita ma ta ƙi. Jiya da yamma komai lafiya yake."

Shigar da aka yi ta waya ta tabbatar da cewa kalmar sirri daidai take kuma ba a rufe asusun ba. Gwajin da ya biyo baya ya fi kowanne amfani: wayar da ta yi aiki da data ta ƙi a layin ofis, don haka kwamfutocin ba su da laifi, layin ne abin bincike.

Dalilin da aka fi samu shi ne na'urorin ofis duka suna fita intanet da adireshin IP guda ɗaya. Idan wani ma'aikaci ya yi ta kuskuren kalmar sirri, ko wata kwamfuta ta kamu da muguwar manhaja, tsarin tsaron banki na iya toshe adireshin, laifin mutum ɗaya ya shafi kowa. Bankin ne ke buɗe shi, bayan sashen kwamfuta ya tuntuɓe shi da adireshin da lokacin da abin ya fara.

Da wayar ta shiga ta layin ofis, da zargi ya koma kan kwamfutocin. Saƙon NET::ERR_CERT_DATE_INVALID sau da yawa yana nufin agogon kwamfutar ya kauce, abin da ke faruwa idan ƙaramin batirin cikinta ya mutu. Shi kuwa NET::ERR_CERT_AUTHORITY_INVALID na iya fitowa idan na'urar tsaron ofis tana buɗe bayanan da ke wucewa, tana musanya takardar shaidar shafin banki da tata. Shi ya sa ake kwafe saƙon kuskure harafi da harafi, kuma ba a tsallake irin wannan gargaɗi a shafin kuɗi.

Ana iya haɗawa da hoton allo bayan an rufe lambar asusu da kuɗin da ke ciki. Kalmar sirri da lambar OTP kuwa ba sa shiga imel ko da injiniyan ne ya nema, domin gyaran ba ya buƙatar su.